Kilo Goma a Wata Uku: Ƙaryar da Ake Sayar wa Samarinmu Masu Ɗaga Ƙarfe

Babu ɗan Adam ɗin da zai ƙara kilo 10 na tsoka zalla a cikin wata uku ba tare da allura ba. Duk wanda ya ce maka ya yi haka, ɗayan uku ne: ko dai ya yi allurar yana ɓoyewa, ko kitse da ruwa ya tara yana kiran su tsoka, ko kuwa akwai abin da yake son ya sayar maka. Na fara da wannan magana ne gatsal saboda ita ce ake ta murɗewa a wayoyin samarinmu, daga Agiye zuwa Caduwa, daga Gazawa zuwa Tsibiri da Gidan Runji, kuma su ne suke biyan kuɗin ƙaryar da aljihunsu da lafiyarsu.

Kowa ya ga yadda ɗaga ƙarfe ya shigo garuruwanmu. A bayan gida ko ƙarƙashin bedi za ka tarar da sandar ƙarfe an maƙala mata gwangwani biyu cike da siminti, samari suna karɓa-karɓa bayan la'asar. Ba ni da ja da wannan, ya fi zaman majalisar shayi da shan tramol nesa ba kusa ba. Abin da nake ja da shi shi ne burin da aka ɗora wa yaran. Yaro ya ga hoton wani a TikTok, na farko ramamme, na biyu ƙirji kamar ƙofar rumbu, an rubuta kwana 90 a ƙasa. Sai ya ɗauki kwana 90 ɗin a matsayin ma'auni. Ya yi wata uku yana gumi, ya hau sikeli ya ga kilo 2 kacal, ya yanke hukunci cewa jikinsa ne ba shi da kyau. Daga nan hanya biyu ce: ko ya jefar da ƙarfen, ko ya nufi mai tallar magani. Abin haushin shi ne, kilo 2 a wata uku ci gaba ne mai kyau, babu dai wanda ya gaya masa.

A aji, idan na gaya wa ɗalibi cewa cin jarrabawa sai da maki ashirin bisa ashirin, na kashe shi tun bai ɗauki alƙalami ba. Wanda ya san cewa goma ne matakin ƙetarewa, sha huɗu kuma abin yabo ne, shi ne yake iya tsara karatunsa. Haka ɗaga ƙarfe yake. Sai ka san iyakar abin da jiki yake iya ginawa a shekara kafin ka iya cewa ka ci ko ka faɗi.

Abin da jiki yake iya ginawa

Akwai ƙiyasi biyu da masu horar da ƴan wasa suke yawan amfani da su, kuma sun yi kusa da juna. Na farko na wani Ba'amurke ne, Lyle McDonald. A lissafinsa, namijin da yake horo yadda ya kamata, yake cin abinci isasshe, yake barci, zai iya ƙara kilo 9 zuwa 11 na tsoka a shekarar farko. A ta biyu sai abin ya ragu zuwa wajen kilo 5. A ta uku kilo 2 zuwa 3. Daga ta huɗu zuwa gaba, kilo 1 ko ɗaya da rabi a shekara. Wato kowace shekara rabin ta bara kake samu. In ka haɗa duka, abin da mutum zai tara a tsawon rayuwarsa ta horo bai wuce wajen kilo 20 ba. Mata kuwa wajen rabin wannan.

Na biyu na Alan Aragon ne, shi kuma da nauyin jikin mutum yake auna abin. Ya ce sabon shiga yana iya ƙara kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na nauyinsa a wata. Wanda ya ɗan jima, rabin kashi zuwa kashi 1. Tsohon hannu kuwa, rubu'i zuwa rabin kashi. Wannan ya fi dacewa da mu, domin saurayi mai kilo 60 ba zai gina abin da mai kilo 85 zai gina ba.

A lura da abu guda. Waɗannan alƙaluma rufin ɗaki ne, ba daɓe ba. Ƙiyasi ne na wanda komai ya daidaita masa: abinci, hutu, lafiya, ƙuruciya da gadon jiki. Yawancin mutane a ƙasa da su suke tsayawa. Kuma gadon jikin nan ba ƙaramin abu ba ne. A wani bincike da aka buga a 2005 ƙarƙashin Monica Hubal, an sa mutum 585 horon dantse iri ɗaya na mako 12. Wasu kaurin tsokarsu ya ƙaru da fiye da rabi, wasu kuwa bai ƙaru da komai ba. Horo ɗaya, lokaci ɗaya, sakamako kamar sama da ƙasa. Saboda haka gwada kanka da abokinka ma kuskure ne, balle da baƙon da ka gani a waya.

Me ya sa abin yake tafiyar hawainiya? Mu yi lissafin ƴan firamare. Kilo 1 a wata, wanda shi ne kusan ƙololuwar sabon shiga, giram 33 ke nan a rana. Tsoka kuwa kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, wajen kashi ɗaya cikin biyar ne furotin. Ashe abin da jiki yake ajiyewa na furotin a sabuwar tsoka bai wuce giram 7 a rana ba, kwatankwacin abin da ke cikin ƙwan kaza guda. Ba ƙarancin kayan gini ne yake tsayar da aikin ba, maginin ne ba ya sauri. Ko ka jibge masa bulo dubu a ƙofa, sahun da zai iya ɗorawa a wuni shi zai ɗora. Ragowar abincin da ka ɗura wa cikinka, jiki ya ƙona wani, ya mayar da wani kitse. Mai cewa kilo 10 a kwana 90 yana nufin giram 111 kowace rana, fiye da ninki uku na ƙololuwar.

To waɗancan na cikin hoto fa?

Amsar tana cikin wani bincike da likita Shalender Bhasin da abokan aikinsa suka buga a 1996. Sun raba maza gida huɗu na tsawon mako 10. Waɗanda suka ɗaga ƙarfe ba tare da sinadari ba sun ƙara kusan kilo 2 na nauyin da ba kitse ba. Waɗanda aka yi wa allurar testosteron, miligiram 600 a mako, ba su taɓa ƙarfe ba, sun ƙara fiye da kilo 3. Waɗanda suka haɗa allura da ƙarfe sun ƙara wajen kilo 6. A sake karantawa. Mai allura yana kwance ya fi mai gumi samun nama. Idan haka ne, hoton mai allura ba darasi ba ne a kan horo ko juriya ko garin da yake talla. Gwada kanka da shi kamar ka yi tsere a ƙafa ne da mai kabu-kabu, sannan ka zargi ƙafarka.

Allurar kuma bashi ce, ba kyauta ba. Jikin da aka cika wa testosteron daga waje yana rage yin nasa. Maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, wasu nono ya fito musu, jini ya hau, zuciya ta yi kauri, na haɗiya kuma su taɓa hanta. Saurayin da ake shirin kai wa kayan gaisuwa ya yi tunanin wannan kafin ya miƙa cinyarsa.

Akwai kuma ma'aunin da yake nuna rufin gaba ɗaya. Ana cire kitse daga nauyin mutum, abin da ya rage a raba shi da tsawonsa a mita sau tsawonsa. A waya sunan lissafin FFMI. A 1995 wasu masu bincike a Amurka, Elena Kouri da Harrison Pope da abokansu, sun auna ƴan wasa 157, wasu masu shan sinadari, wasu ba sa sha. Waɗanda ba sa sha sun tsaya a wajen 25, masu sha da yawa sun zarce. Da suka ƙiyasta jikin zakarun gasar Mista Amurka na 1939 zuwa 1959, kafin sinadaran su yaɗu, nan ma wajen 25 suka samu. Ba katanga ba ce da babu mai haura ta, ana samun ɗaiɗaiku masu baiwa ko masu kitse da yawa da suke wucewa. Amma idan zakarun ƙasa guda a nan suka tsaya, hankali ya ce ɗan unguwa ya sa burinsa a ƙasa da haka.

Lissafin saurayi ɗaya

Mu ɗauki misali. Saurayi ɗan shekara 20 a wani ƙauye na Gazawa, tsawonsa mita 1.75, nauyinsa kilo 62, siriri, kitsensa wajen kashi 12 cikin ɗari. In an cire kitsen, saura kilo 54 da rabi. Tsawonsa sau tsawonsa 3.06 ne. In ka raba sai ka samu 17.8. Rufin 25 a tsawonsa yana nufin kilo 76 da rabi ba kitse, wato ƙarin kilo 22. Wannan na zakara ne da ya ba da shekara goma na rayuwarsa. Matakin 22, wanda shi ma sai an yi da gaske, kilo 67 ne, ƙarin wajen kilo 13.

A ƙiyasin Aragon, kashi 1 zuwa 1.5 na kilo 62 shi ne giram 620 zuwa 930 a wata. A wata 12 zai kama kilo 7 zuwa 11. Amma a nan ne nake rabuwa da masu kwafo alƙaluman Turai su liƙa mana. Shekarar wannan saurayi ba wata 12 ba ce. Daga Yuni zuwa Satumba yana gona, shuka da noma da maimai, daga hantsi zuwa azahar a rana, kuma daidai lokacin ne rumbu yake yin ƙasa. Aikin gona yana ƙona abinci, yana ba da juriya, amma ba ya ƙara tsoka ga wanda jikinsa ya riga ya saba da shi. A ƙarshen damina kuma ga masassarar cizon sauro, wadda kwanciyar mako guda take iya zaftare kilo biyu. Ga azumi, wanda ana iya riƙe abin da aka samu a cikinsa, amma da wuya a ƙara, musamman in ya faɗo a bazara. In ka cire waɗannan, watanni bakwai ko takwas ne suka rage na gini na gaskiya, daga kaka zuwa faɗuwar ruwa.

Wata takwas sau giram 620 kilo 5 ne. Wannan shi ne burin da zan rubuta masa a shekarar farko: kilo 4 zuwa 6 na tsoka. A ta biyu kilo 3, a ta uku 2, a ta huɗu 1. Jimilla wajen kilo 11 a shekara huɗu. Nauyinsa ba kitse zai tashi daga 54 da rabi zuwa 65 da rabi, ma'auninsa ya kai 21.4, sikeli kuma ya nuna wajen kilo 76 in an haɗa da ɗan kitsen da zai biyo baya. Wanda yake ganin kilo 11 kaɗan ne ya je wurin mahauci ya ce a auna masa tsoka kilo 11 ba ƙashi ba kitse, ya ga tulin da za a ajiye masa a faranti. Wannan tulin ne za a raba a kafaɗa da baya da cinya. Wanda ya rabu da yaron shekara huɗu ba zai gane shi daga baya ba.

A damina kuma burinsa ya zama riƙewa kawai. Horo sau ɗaya ko biyu a mako da nauyin da ya saba ya isa ya tsare yawancin abin da ya gina. In ma ya ɗan zube, tsokar da aka taɓa ginawa tana dawowa da sauri fiye da yadda aka gina ta da fari. Wanda ya fito damina da nauyin da ya shiga da shi ya ci riba.

Abincin ma lissafi ne, kuma ba ya bukatar gwangwanin gari mai hoton ƙato. Wani nazari na 2018 ƙarƙashin Robert Morton, wanda ya tattara bincike 49, ya nuna cewa amfanin furotin ga ginin tsoka yana tsayawa a wajen giram 1.6 a kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ga saurayinmu giram 100 ke nan. Gero giram 400 a tuwo da fura yana ba da wajen giram 40. Wake giram 120, in an auna shi ɗanye, wajen 28. Nono rabin lita, in ba a tsinka shi da ruwa ba, wajen 15. Ƙuli-ƙuli cikin tafin hannu, giram 30, wajen 13. Ƙwai ɗaya 6. An haye ɗari ke nan ba a yanka ko kaza ba. Awara da soyayyar fara, waɗanda ba baƙi ba ne a kasuwannin jihar Maraɗi, suna iya maye gurbin kowane ɗaya. Bayan haka yana bukatar ɗan ƙari a kan abin da jikinsa yake ƙonawa, wajen kalori 300 a rana, abin da gyaɗa giram 50 take bayarwa. Kuɗin gwangwani ɗaya na garin nan zai sayi tiyoyin wake da za su daɗe fiye da shi.

Na san akwai gidajen da ko wannan lissafin ya fi ƙarfinsu a wasu watanni. To a nan ma gaskiya ta fi amfani. Wanda abincinsa bai kai ba, ya rage burin nauyi, ya sa burinsa a ƙarfi, domin ƙarfi yana ƙaruwa ko da nama bai ƙaru sosai ba. Kada ya ci bashi, kada ya ci rabon ƙannensa don dantse.

Yadda za ka gane tsoka daga kumburi

Sikeli shi kaɗai maƙaryaci ne. Nauyin mutum yana hawa da sauka da kilo ɗaya ko fiye a wuni guda, gwargwadon abin da ya ci, ya sha, ya fitar. A makonnin farko na horo ma tsoka tana ajiye sukari da ruwa, sai sikeli ya yi tsalle da kilo ɗaya ko biyu, yaro ya ɗauka haka za a ci gaba. Ba haka ba ne. Abubuwa uku ake haɗawa.

Na farko sikeli ɗaya, da safe kafin kari, da tufa iri ɗaya, a rubuta a littafi, a kwatanta wata da wata, ba jiya da yau ba. Ga saurayinmu kilo 1 a wata shi ne daidai a watannin gini. Na biyu igiyar awon tela, a zagaya ciki daidai cibiya, sannan dantse da cinya. In nauyi ya ƙaru da kilo 3 a wata ɗaya, ciki kuma ya ƙaru da santimita 3 ko 4, wannan teɓa ce, a rage ci. In nauyi ya hau da kilo 1, ciki bai motsa sosai ba, ana kan hanya. Na uku littafin ƙarfi: nawa ka ɗaga, sau nawa. Tsokar da ta ƙaru dole ta nuna kanta a aiki. In wata uku sun wuce kana ɗaga abu ɗaya sau adadi ɗaya, ba ka gina komai ba, ko sikeli ya ce me.

A nan ne sandar siminti take cin amanar masu ita. Nauyinta ɗaya ne har abada, jiki kuwa da ya saba da kaya sai ya daina ginawa. Jarka mai lita 25 ta fi ta hikima, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka fara da lita 12, ka ƙara ɗaya duk lokacin da ka iya yin sau 12 cikin tsabta, in ruwa ya cika ka koma yashi. Kuma a daina horon madubi, dantse da ƙirji kullum. Mafi yawan naman jiki a cinya da ɗuwawu da baya yake. Wanda ba ya tsugunawa da kaya, ba ya jan jikinsa sama a sanda, ya bar inda kilo ɗin suke.

Ƙwayar da ta fi ban tsoro

Allurar testosteron tana da tsada. Abin da ya fi kusa da hannun yaranmu shi ne ƙwayoyin ƙiba da ake tallarsu a faranti da bayan keke ranar kasuwa, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Galibinsu deksametazon ne, wani lokaci haɗe da maganin buɗe ciki. Deksametazon magani ne na gaske da likita yake bayarwa don wasu cututtuka, na ɗan lokaci, da awo. Amma ga mai neman tsoka, aikinsa kishiyar abin da yake nema ne. Yana tara kitse a fuska da wuya da ciki, yana buɗe ci, sannan yana cinye tsokar cinya da ta kafaɗa. Yana ɗaga sukari da jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Sikeli zai hau, kumatu su cika, mutane su ce ya murmure, alhali naman da ya sha wuya a kansa ne yake narkewa. Alamarsa a fili take: fuska zagayayya kamar wata, ciki gaba, ƙafafu sirara, tashi daga tsugune yana wuya. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke rana ɗaya, yankewar farat ɗaya tana iya kwantar da mutum. Ya je asibiti a rage masa sannu a hankali.

Babu yaron da yake tashi da safe ya ce bari in lalata jikina. Burin ƙarya ne yake kai shi. An ce masa kilo 10, ya samu 2, sai ya tafi neman ragowar 8 ɗin a farantin mai talla. Shi ya sa nake cewa gaya masa adadi na gaskiya tun farko rigakafi ne.

Masu ja da ni

Wani zai ce: Malam, da idona na ga wane ya ƙara kilo 8 a wata biyu, kuma ba ya shan komai. Ban ƙaryata idonka ba, fassarar ce nake ja da ita. Tambayi ko ya tashi daga jinya ne, ko ya dawo daga ci-rani inda ya rame, ko ya taɓa horo a da ya bari. Duk waɗannan maido da abin da aka rasa ne, ba sabon gini ba. Tambayi ko shekarunsa 16 ne yana cikin girma, wanda ko bai taɓa ƙarfe ba zai ƙara. Sannan ka auna cikinsa. Duk mai turke rago don layya ya san ana iya cika dabba da dusa da harawa a wata uku ta yi nauyi, kuma ya san abin da ake tararwa a ciki ranar fiɗa.

Wani zai kawo ƴan kokowa. Mu mutanen Maraɗi ba a koya mana kokowa. Kantu ne ya fara ɗaukar Takobi a Tawa a 1975, kuma sunansa filin kokowar Maraɗi yake ɗauke da shi. Amma ƴan kokowa hujjata ce, ba hujjarka ba. Waɗanda suke kaiwa cikin goman da jiha take turawa an tace su ne daga ɗaruruwa, masu ƙashi da ƙira tun haihuwa, kuma tun suna yara suke kokowa a dandali bayan girbi. Ba a wata uku suka zama haka ba. Kuma da yake ba a raba gasar Takobi aji-aji ta nauyi, kitse ma yana yi wa ɗan kokowa amfani, domin mai nauyi yana da wuyar ɗagawa. Kilo ɗari na ɗan kokowa ba kilo ɗari na tsoka ba ne.

Wani kuma zai ce alƙaluman Turawa ne, jikin baƙar fata daban yake. Da a ce haka ne da na fi kowa murna. Bambancin da ke tsakanin mutum da mutum a ƙauye ɗaya ya isa ya sa kowa ya dogara da littafinsa, ba da launin fatarsa ba. In kai mai baiwa ne, awonka na wata shida zai nuna, babu wanda zai hana ka. Amma ba a tsara noma a kan damina mafi albarka da aka taɓa gani, a kan matsakaiciya ake tsarawa, in an samu ƙari a gode wa Allah.

Na ƙarshe shi ne mai cewa ina kashe wa yara gwiwa. Wa ya fi kashe gwiwa, wanda ya ce za ka samu 5 ka samu 5, ko wanda ya ce za ka samu 30 a shekara ka samu 5? Ƙarya tana da daɗi a watan farko ne kawai. Shekara ta uku, lokacin da wahalar wata 12 za ta ba ka kilo 2, sai wanda aka gaya wa tun farko cewa haka abin yake ne zai ci gaba da zuwa.

Kira na ga manyan da samari suke taruwa a wurinsu, da masu horar da ƴan kokowa, da malamai ƴan uwana masu koyar da wasanni. Duk yaron da ya zo ya ce zai fara, kafin a miƙa masa ƙarfe a miƙa masa littafi. A shafin farko a rubuta nauyinsa da tsawonsa da awon cikinsa da kwanan wata. A ƙasa a rubuta kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa, a ce masa wannan ne rabonka na wata in ka yi komai daidai, baɗi kuma rabinsa. Duk wanda ya zo masa da alkawarin da ya ninka wannan sau uku, ya tambaye shi abu biyu: me kake sha, kuma me kake sayarwa?